Dafaffen Kirem ɗin Jannatu

A Malanbil, idan ka ce gidan Zaituna mai gato kake nema, ko ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya shigo gari jiya zai sauke ka a ƙofarta, can bayan kasuwar albasa. Gato shi ne abin da mutanen Najeriya ke kira kek. Ita kuwa Zaituna gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, kuma ba ta san haƙuri da mai nawa ba. Iyayenta 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, atamfa suke sayarwa. Ita ce ta fita daban ta kama fulawa da ƙwai, aka yi mata dariya a dangi har aka gaji. Yau babu suna ko biki na masu hali a garin da ba a aiko mata.

Abokin gabarta ɗaya ne a duniya, shi ne zafi. Wanda bai zauna Malanbil a watan Afrilu ba ba zai gane wannan gaba ba. Rana tana ɗagawa kwanon rufi ya fara ƙara, iskar da ke tasowa daga bakin kogi ma da ɗuminta take zuwa. A irin wannan gari Zaituna ta zaɓi sana'ar da ake yi da mai da sukari. Shi ya sa duk abin da ya lalace a hannunta, kafin ta duba ta riga ta san mai laifi. Maganinsa kuma ɗaya ne a wurinta: ƙanƙara, wadda take saye a gidan maƙwabciyarta Sabuwa mai firigo, wato firji, har uku.

Ba ita kaɗai ta fara sana'ar ba. Su biyu ne da ƙawarta Jannatu, a tsakar gidan nan, da tukunya mai yashi a gindi maimakon tanda. Jannatu ta taɓa aiki a madafar wani otel a Paraku kafin ta yi aure, can ta koyo kirem, wato lallausan haɗin nan da ake shafe gato da shi. Kirem iri biyu suke yi, kowa da nata.

Na Zaituna shi ne ɗanye. Margarin mai tauri irin na masu burodi, a buga shi har ya yi fari, a riƙa zuba garin sukari, a sa ɗan gishiri da ɗan sitacin masara, shi ke nan. Zaƙinsa har maƙogwaro, kuma yana ɗan barin maiƙo a dasashi, amma yana da juriya. Margarin irin wannan ba ya saurin narkewa, sukarin kuma idan ya sha iska sai ya yi ɓawo a waje, gato ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin rumfa.

Na Jannatu shi ne dafaffe. Farin ƙwai da sukari take ɗorawa a kan tururin ruwan zafi tana juyawa har sukarin ya narke, sannan ta buga ya tashi fari ƙal, ya huce, ta riƙa jefa masa bota na gaske kaɗan-kaɗan. Ba shi da zaƙi mai yawa, a baki kuma sai ya ɓace ya bar ƙamshi. Matsalarsa ita ce bota: ɗumin tafin hannu ma ya isa ya narkar da shi, balle ranar Malanbil. Don haka sai lokacin sanyi suke yin sa, ko idan za a ci gaton a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri.

Halinsu ma ya bambanta kamar kirem ɗinsu. Jannatu doguwa ce mai sanyin jiki da son hira. Tana da wata ɗabi'a da ke tayar wa Zaituna da hawan jini. Ana tsakiyar aiki sai ta ɗauki kwanon kirem ta fita tsakar gida, ta ɗora shi a kan 'yar katangar da ta raba su da gidan Sabuwa, a cikin rana, ta tsaya tana jujjuya shi da hannu ɗaya tana labarin farashin kifi. Zaituna ta yi ta ƙwala mata kira daga ɗaki, wai surutu zai kashe musu kaya. Jannatu sai ta yi murmushi ta ce a bar shi ya sha iska. Ba ta taɓa yin bayanin da ya wuce haka ba, kuma gaskiyar magana, ko ta yi, Zaituna ba mai tsayawa sauraro ba ce. Idan an gama aiki, kwanon da aka kwashe akan ajiye shi a bakin rariya, 'yar Jannatu ƙarama, Nafisatu, ta zauna ta suɗe shi tas kafin a wanke.

Wata damina zazzaɓi ya kama Jannatu, kafin a ce a kai ta asibitin Kandi rai ya yi halinsa. Dangin uban Nafisatu suka ɗauke yarinyar zuwa Garu, ƙauyensu na manoman shinkafa a gefen kogi. Zaituna ta ci gaba da sana'a ita kaɗai, ta sayi tanda mai gas da injin bugawa, sunanta ya kai har garuruwan kewaye irin su Gene da Tumbutu. Amma tun daga ranar ba ta sake ɗora farin ƙwai a kan tururi ba. Duk wanda ya nemi dafaffe sai ta ce masa ba na ƙasar zafi ba ne. Hakan gaskiya ne, sai dai ba ita ce dukan gaskiyar ba. Ba ta iya kallon wannan kwano ba tare da ta tuna Jannatu ba.

Shekaru suka tafi, sai ga Nafisatu ta yi sallama wata safiya, ta zama budurwa, doguwa kamar uwarta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce an sa ranar aurenta da wani Rilwanu mai injin casar shinkafa, kuma ƙawaye za su yi taro a gidan baffanta a Garu bayan la'asar. Zaituna ta yi guɗa, ta fara lissafa mata furanni da launuka. Yarinyar ta bari har ta gama, sannan ta yi magana a hankali.

"Tanti, ba ni son ado. Kirem ɗin Inna nika so, wanga da taka dahwawa. Tun da ta rasu ban ƙara jin ɗanɗanonai ba."

Zaituna ta tambayi watan bikin, aka ce Afrilu. Ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ta saba faɗa wa kowa, sai ta dubi fuskar yarinyar, ta fasa. Abin da ya fito shi ne, in Allah ya yarda za ta ci kirem ɗin uwarta ranar aurenta. Nafisatu na fita, Zaituna ta zauna a kan turmi ta dafe kai. Ta yi wa marainiya alkawari, kuma ita kanta ba ta san yadda za ta cika shi ba.

Bota na gaske ba ya samuwa da yawa a Malanbil. Da can akan samo a Gaya, can tsallaken kogi, amma tun da aka rufe gada sai ta kwalekwale, wa kuma zai ɗora bota a kwalekwale a cikin wannan rana? Mijinta Latifu, direba ne mai tsohuwar mota da ke jigilar 'yan kasuwa, shi ya nemi wani abokinsa ya taho da shi daga Paraku a cikin kula mai ƙanƙara. Daidai abin da ake buƙata ya iso, babu rara. Zaituna ta karɓe shi da hannu biyu ta cusa shi can ƙuryar firigon Sabuwa, inda ake daskarar da ruwan leda.

Ana gobe biki ta gasa gaton, faifai uku, ta nannaɗe ta ajiye. Ranar bikin tana idar da sallar asuba ta hura wuta. Hannunta bai manta farkon aikin ba. Ta wanke kwanon ƙarfe da lemun tsami don kada maiƙo ya hana ƙwai tashi, ta raba fari da gwaiduwa a tsanake, ta ɗora kwanon a bakin tukunya ba tare da gindinsa ya taɓa ruwa ba. Ta yi ta juyawa har haɗin ya yi zafin da yatsa ba ya iya daɗewa a ciki, ta murza ta ji babu sauran tsakin sukari. Ta sauke ta kunna inji, ƙwan ya tashi fari mai sheƙi, ya tsaya a bakin mabugi. Har ta ji ranta ya ɗan yi sanyi.

Daga nan tsoro ya karɓi aikin. Ta san idan aka sa bota a ƙwai mai zafi narkewa zai yi, a samu wani abu kamar koko. Wannan ɓarnar ta sha ganinta, ta kuma san maganinta: a sanyaya, a sake bugawa. To, a ɗakin Zaituna a watan Afrilu babu abin da ke hucewa don kansa. Sai ta cika daro da ƙanƙara ta nutsa kwanon a ciki, ta bar shi har ya yi sanyi ƙarara. Sannan ta ɗauko bota daga firigo, da ƙyar wuƙa ta shige shi. Ta san Jannatu takan bar nata ya yi laushi har yatsa ya lotsa shi, amma Jannatu a watan sanyi take yi. A yau, in ji zuciyarta, duk abin da ya fi sanyi ya fi aminci.

Ta fara jefa yankan bota, inji na ta rugugi. Da farko ƙwan ya ɗan zube, wannan ba komai ba ne. Can sai ta ga fuskarsa ta fara yin tsaki-tsaki. Ta ce wataƙila bota ne bai isa ba, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har takardar ƙarshe ta zama wayam. Da ta kashe inji ta leƙa, abin da ke cikin kwanon ba kirem ba ne. Gudaji ne ƙanana masu launin rawaya suna iyo a cikin wani ruwa-ruwa, kamar awara kafin a tace. Kirem ya tsinke, kuma duk botan da ke Malanbil yana ciki.

Ta kira Sabuwa ta kan katanga, dattijuwar ta shigo tana gyara ɗaurin zane, ta leƙa kwanon ta yi salati.

"Zahi na, Zaituna. Mi ka ɓata abu garin ga in ba zahi ba? Bari in ƙaro miki ƙanƙara."

Ko kusa Zaituna ba ta yi gardama ba, don abin da ke ranta ke nan. Aka ƙaro ƙanƙara, aka sake nutsa kwanon, aka jira, aka kunna inji. Gudajin suka ƙara tauri, har ana jin ƙararsu a jikin ƙarfe, ruwan kuma ya ware ya kwanta a gindi. Sabuwa ta ce a tace ruwan a zubar, a shafa abin da ya rage. Zaituna ta girgiza kai, domin ruwan nan shi ne ƙwai da sukarin. Latifu ya leƙo daga ƙofa ya tambaya ko ya je ya sayo wani botan, ta juyo ta yi masa wani kallo, bawan Allah ya koma wajen motarsa yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Hantsi ya ɗaga. Wayarta ta yi ƙara, Nafisatu ce, ana jin hayaniyar mata da daka a bayanta. Ba ta tambayi komai ba, gaisuwa kawai ta yi, ta ce ta kasa cin abinci tun safe don tana ajiye wa kirem ɗin Inna wuri. Zaituna ta ce mata komai lafiya. Tana ajiye wayar ta ji kunyar ƙaryar ta rufe ta, hawaye suka cika mata ido.

Margarin na nan a bokiti, garin sukari na nan a buhu. Kafin azahar za ta iya shafe gaton da ɗanye ta yi masa furanni, duk Garu su yi ta yabo. Mutum ɗaya ce kawai za ta sa a baki ta gane, kuma saboda ita ake yin gaton.

Ta sa yatsu biyu cikin kwanon ta ɗebo gudaji kaɗan, ba don wata dabara ba, sai don hannunta ba ya iya zama haka nan. Sanyinsu ya soke ta. Ta murza su tana tunani, tana duban ƙofa. Da ta sauke ido, abin da ke kan yatsunta ya zama santsi, fari, a haɗe, babu gudaji babu ruwa. Ta sake ɗebowa ta murza, ya sake haɗewa. Ta kai harshe. Shi ne, ɗanɗanon da ta yi shekaru tana gudu.

Ta tsaya cak. Ta ƙofar da ke buɗe tana hango 'yar katangar nan, rana ta kwanta a kanta. Sai ta ga Jannatu a zuci, hannu ɗaya a kan kwano tana jujjuya shi, baki na labarin kifi. Ashe ba hira ce ke fitar da ita ba. Idan bota ya yi sanyi da yawa daskarewa yake ya ƙi haɗuwa da ƙwai, ita kuma sai ta kai shi ya ji ɗumi. Shekara da shekaru Zaituna na yi mata faɗa a kan abin da shi ne gyaran aikin.

Ta cire kwanon daga ƙanƙara ta goge gindinsa ta nufi waje. Sabuwa ta sha gabanta.

"Ke, lahiya? Rana za ki kai shi? Ki ji tsoron Allah, abin ɗiyar mutane na."

"Sanyi na ya kashe shi, Yaya. Ni na kashe shi da hannuna. Ba ni hanya."

Ta ɗora kwanon a kan simintin katanga, wanda ya riga ya yi zafin da ba a jingina da shi. Duk jikinta na ce mata ta ɗauke. Wannan ita ce rana mai ƙunar da ta yi rabin rayuwarta tana ɓoye wa kayanta, yau ga shi ta kawo mata da kanta. Ta riƙa juya kwanon a hankali, idonta a kan gefe-gefe. Idan ta yi gaggawa gudajin ba za su saki ba. Idan ta wuce gona da iri duka zai narke, ƙwan ya zube, sai an koma sanyaya da jira, lokaci kuma ba nata ba ne. Can ta ga bakin kirem ɗin da ke manne da ƙarfe ya fara sheƙi, ya zama ruwan mai siriri, tsakiya kuwa na nan da gudajinta. Ta sure kwanon ta koma ɗaki da sauri.

Ta kunna inji a hankali, sannan ta ƙara masa gudu. Abin ya ƙara muni. Ya zama wani cakuɗaɗɗen ruwa mai fantsama, Sabuwa ta kau da kai tana jan carbi. Zaituna ta taɓa gindin kwanon, har yanzu da sauran sanyi. Ta kashe, ta sake fita, ta sake tsayawa a rana, gumi na bin bayanta, ta bar gefen ya narke fiye da na farko. Ta dawo ta kunna. Ta yi ta bugawa har ta fara tunanin ta yaudari kanta ne. Sai ƙarar injin ta sauya. Fantsamar ta tsaya, aka fara jin wani faf-faf mai kauri, mabugin ya fara barin sawu a bayansa. Tana kallo gudajin suka shige cikin juna, ruwan ya ɓace, kwanon ya cika da kirem fari mai laushi. Sabuwa ta ce ikon Allah, ta zauna a kan bokitin margarin. Zaituna ta kashe inji ta goge gumi.

Murnar ba ta daɗe ba, don hanyar Garu na nan tana jira. Ta san amsar tun kafin ta gwada, amma ta so idonta ya gani. Ta buga ɗanye kaɗan, ta ɗebi cokali ɗaya daga kowanne ta ɗora a faranti, ta ajiye a inuwar bishiyar dalbejiya, irin inuwar da za a samu a ƙarƙashin rumfar biki. Ta shiga ta yanke saman faifan gaton ta daidaita su, ta dawo. Nata na nan a tsaye, har ya fara ɓawo. Na Jannatu ya kwanta ya baje, mai na tsatsafowa a gefensa.

Ta daɗe a tsaye a kan farantin. Idan ta shafe gaton duka da dafaffe, ta cika alkawari a cikin ɗakinta, amma abin da zai isa gaban amarya da ƙawayenta zai zama abin kunya. Idan ta rufe shi da ɗanye, Nafisatu za ta gane daga nesa. Ta zaɓi abin da zai kai, ko da za a fara da ɓacin rai. Ta zagaye bakin kowane faifai da kaurin ɗanye kamar ana ɗaure kunyar fadama don ta riƙe ruwa, ta cika tsakiya da dafaffen Jannatu, ba ta yi rowa ba. Ta ɗora faifai kan faifai, ta soka tsinkaye masu kauri don kada su zame, ta rufe waje duka da nata. Ta kai firigo ya kama jiki. A wannan karon sanyi na da amfani.

Bayan azahar suka kama hanya, gaton a cikin kwali, kwalin a cikin babban daro da robobin ƙanƙara naɗe da tsumma, daron a kan cinyarta. Sun bar kwalta suka hau jar hanya, gonakin albasa da aka riga aka cire suna wucewa ta taga. Kowane rami sai ta ji shi a haƙoranta. Ita da ke ce wa Latifu kullum yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, yau ita ke cewa ya rage. Ruwan ƙanƙarar ya fara jiƙa mata zane tun ba su kai rabi ba.

A Garu an kafa rumfa a ƙofar gidan baffan amarya. Zaituna ta roƙi a bar gaton a kwalinsa a ɗaki har lokacin yankawa, amma ƙawaye suka ce ai sai an ɗauki hoto. Aka fito da shi aka ɗora a tebur. Ya yi kyau, babu inda ya motsa, mata na ta sannu da aiki. Sai ga Nafisatu an fito da ita, da lalle har gwiwar hannu. Ta dubi gaton, ta ga busasshen ɓawon nan da duk mai zuwa bikin Malanbil ya sani. 'Yar mai gato ce, ba ta buƙatar a gaya mata. Fuskarta ta sauya kaɗan, ta gyara ta da sauri.

"Ya yi kyau, Tanti. Allah shi saka da alheri."

Wannan godiya ta fi zagi ciwo a wurin Zaituna. Ta matsa za ta yi mata bayani, mai hoto ya ja amarya gefe, ƙawaye suka rufe ta. Aka ce kuma ba za a yanka ba sai abokan ango sun iso, su kuwa suna can wajen injin casa wai ana jiran wani. Zaituna ta tsaya a gefen tebur ta tare hasken da ke ratsowa ta ɓular rumfa da jikinta. Ta san abin da ke faruwa a cikin gaton. Sanyin firigo na fita, zafi na shiga, bota na saki. Ta sa aka tura wa abokan ango saƙo ba sau ɗaya ba, ta yi wa wani baffa magana da muryar da ba ta dace da baƙuwa ba.

Da suka iso rana ta yi ƙasa. Aka miƙa wa amarya wuƙa, Zaituna ta zare tsinkayen. Wuƙar ta fasa ɓawo ta nutse, aka janye yankan farko. Abin da take tsoro shi ta gani. Kirem ɗin ciki bai tsinke ba, amma ya saki, ya yi laushi sosai, yana gangarowa a hankali daga tsakanin faifan yana taruwa a kan tire. Wata ƙawa ta ce a kawo faranti da sauri. Zaituna ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta sunkuya kusa da kunnen amarya.

"Ki gahwarce ni, ɗiyata. Na uwarki na, ciki na ɓoye shi. Na yi iya yina, rana ta hi ni."

Nafisatu ta sunkuyar da kai. Idonta na kan abin da ke taruwa a tiren. Ta ajiye wuƙar, ta sa yatsanta mai lalle ta shafo shi daga bakin ƙarfe, ta kai baki. Ta rufe ido ta daɗe haka, har surutun ƙawaye ya lafa. Da ta buɗe, hawaye sun ɓata mata kwalli.

"Ai ni haka na san shi, Tanti. Ban taɓa cin shi bisa gato ba, gato na masu biki na. Na gindin kwano Inna ka bar min, bakin rariya, bayan ya sha rana."

Zaituna ta dube ta. Ta tuna 'yar yarinya a tsugune da kwanon da ya fi kanta girma, da doguwar mace a jikin katanga tana dariya, sai kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata a gaban mutanen Garu.

Ƙawaye na tsaye riƙe da faranti, abokan ango na jira, kirem na ci gaba da gangarowa. Nafisatu ta sake sa yatsa a tiren. Zaituna, wadda ba ta taɓa barin kowa ya ɓata lokaci a kan gatonta ba, ta ɗaga wa masu faranti hannu ta ce su dakata tukuna.